Yaya ake rubuta umarnin da zai tsayar da hotunan littafi a kan salo ɗaya?

MalamarGwale:
Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ina koyar da 'yan aji biyu a firamare, kuma na rubuta musu ɗan littafin karatu a kan wata yarinya da ta raka kakarta marinar Ƙofar Mata domin kai farin yadi rini. Littafin girman A5 ne, yana bukatar hotuna 12, kuma da manhajar ƙirƙirar hoto nake yin su saboda ba ni da halin biyan mai zane. Damuwata ita ce kowane hoto yana fitowa kamar wani ne daban ya zana shi: wani layukansa sirara ne kamar na fensir, wani ba shi da layi kwata-kwata sai sheƙi irin na katun ɗin talabijin, wani kuma launukansa sun yi yawa har ido ya rasa inda zai tsaya. Ga abin da nake rubutawa:

```
beautiful Hausa girl and her grandmother at the dye pits in Kano, children's book style, warm colors, high quality
```

Ina roƙon waɗanda suka san aikin su nuna mini yadda ake faɗin kaurin layi da launuka da yanayin hoto a cikin umarni, ta yadda hotunan za su zama 'yan gida ɗaya.

Abba_Tarauni:
Wa alaikumus salam, Malama. Abubuwa biyu ne kawai suka rage miki. Ki nemo lambobin launukan da kike so, irin `#1F2A5A` na shuɗi mai duhu, ki zuba su a umarnin, sannan ki riƙe lambar `seed`, wato lambar da manhajar take fara gina hoto a kanta, guda ɗaya a duk hotunan. Idan kika ƙara da `8k, ultra detailed` a ƙarshe, aikin zai fito tsaf.

MaiZane_Fagge:
Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri a kan wannan hidima ta yara. Kafin a kai ga shawarar Abba, ina so ki sake duba umarninki ki ƙirga kalmomin da suka yi magana a kan salo. Za ki ga uku ne, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da za a iya aunawa da ido. Salon littafin yara ya haɗa zanen ruwa da na fensir da na yankakkiyar takarda da katun mai sheƙi, saboda haka duk lokacin da kika danna, manhajar tana zaɓar ɗaya daga cikinsu, kuma ba ta saɓa miki ba. Kamar mutum ne ya kai wa tela yadi ya ce a ɗinka masa riga mai kyau ba tare da an yi awo ba.

Ƙa'idar da nake bi ita ce, duk kalmar da zan sa a kan salo sai ta kasance wadda zan iya riƙe hoton a hannu in ce an yi ko ba a yi ba. A kan layi, abubuwa huɗu ake faɗa. Na farko kaurinsa. Na biyu, shin kaurin ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, ko yana kumbura yana sirancewa kamar na buroshi. Na uku launinsa, na huɗu kuma bambancin da ke tsakanin layin da ya kewaye jiki da layukan ciki, irin ninkin zani da hanci da yatsu. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa, alhali shi ne yake sa yaro ɗan shekara bakwai ya gane siffar mutum da kallo ɗaya, domin layin waje mai kauri yana raba yarinyar da bango, na ciki sirara kuma ba sa yi mata cunkoso a fuska.

Sannan ki raba umarnin gida biyu. Kashi na farko shi ne salo, wanda za ki adana a wayarki ki riƙa kwafowa ba tare da sauya ko harafi ɗaya ba, na biyu kuma shi ne abin da ke faruwa a shafin, wanda shi kaɗai zai riƙa canzawa. Ki gwada wannan a matsayin kashin farko:

```
Flat 2D illustration. Bold dark-brown outlines of even thickness, like a felt-tip marker; inner detail lines half as thick. Flat fills in five colours only: deep indigo, terracotta red, ochre yellow, warm cream, dark brown. Soft early-morning light, low contrast, plain cream sky, plenty of empty space.
```

Shi kuwa `ultra detailed` da Abba ya kawo, kada ki sa shi. Yana jan hoton zuwa ga tarin ƙananan layuka da inuwa, wato akasin abin da littafin 'yan aji biyu yake bukata.

Abba_Tarauni:
Yaya MaiZane, na yarda da batun cire wancan, amma me ya sa ka kwatanta layin da alƙalamin maka maimakon ka rubuta milimita 0.8 kai tsaye? A ganina lamba ta fi kwatance tabbas.

MaiZane_Fagge:
Ƙanena, lamba ta fi tabbas ne ga wanda yake da ruwa da tsaki a cikinta. Manhajar ba ta san girman takardar da za a buga hoton a kai ba, don haka milimita ba ta da abin jingina a wurinta. Abin da ta koya shi ne dangantakar hotuna da bayanan da mutane suka rubuta a kansu, kuma mutane sun fi rubuta sunan abin da aka yi zane da shi fiye da awon layin. Idan ka ambaci maka, sai ta kawo layi mai kauri, mai santsi, mai dunƙulallen baki. Idan ka ambaci alƙalamin zane na 0.3, sai ta kawo siriri, kuma ba don ta auna ba sai don irin hotunan da ake kira da wannan suna haka suke. Lambobin launi ma haka abin yake: wasu manhajojin suna kusantar launin, wasu ba sa kula su, shi ya sa nake fara rubuta sunan launin da siffarsa, in ga dama in biyo shi da lambar. Awo na gaskiya bayan hoton ya fito ake yin sa.

Ummu_Sadiq:
Ni ma ina da irin wannan matsala, Malama. Ina sayar da yaji da kuka a ƙananan robobi, kuma duk lokacin da na nemi manhajar ta rubuta sunan kayana a jikin takardar liƙawa, sai haruffan su fito a karkace, ƙ da ɗ kuma su zama wasu abubuwa daban. Wane kauri ya kamata in ce ta yi rubutun da shi?

DanKurmi:
Hajiya, naki batun rubutu ne, ita kuma Malama layin zane take nufi. Ki sa manhajar ta yi miki hoton kawai ta bar fili a tsakiya, sunan kuma ki ɗora shi da kanki a manhajar Canva da nau'in rubutun da yake ɗauke da haruffa masu lanƙwasa.

MalamarGwale:
Malam MaiZane, na gode ƙwarai. Na kwafe kashin salon, na ɗora shafuka uku a kansa, kuma bambancin a bayyane yake: yanzu duk ukun suna da layi, sheƙin kuma ya tafi. Sai dai abubuwa biyu sun taso. A shafin da kaka take miƙa yadi, fuskarta ta haɗe da layin da ya kewaye ta, ido da baki ba sa fitowa sai an matso da wayar kusa. A shafin marina kuwa, ramukan sun fito jere kamar kwanukan siminti, wani ja, wani ruwan ɗorawa, wani kore, duk da cewa babu kore a launukan da muka lissafa.

Zayyana_Dala:
Malama, matsalar farko daga umarnin ta fito. An ba manhajar ruwan ƙasa mai duhu guda ɗaya, an ce ta yi layi da shi, sannan ba a ba ta launin fata ba, sai ta ɗauki shi ɗin ta shafa wa kaka. Layi ba ya fitowa sai ya fi abin da ke kusa da shi duhu a fili, kuma wannan ya fi shafar mu da muke zana baƙar fata. Ki mayar da launukan shida, ki ware wa fata nata launin, layin kuma ki tura shi kusa da baƙi. Akwai kuma kalmomi biyu da suke faɗa da juna a umarnin: an nemi layi mai ƙarfi, an kuma nemi `low contrast`, wanda yake rage tazarar da ke tsakanin duhu da haske a duk hoton, har da layin. Abin da Malam MaiZane yake so shi ne launuka marasa ƙara, kuma wannan `muted colours` ne. Ki gyara waɗannan wuraren kamar haka:

```
near-black brown outlines; medium warm brown skin, clearly lighter than the outlines; muted colours
```

Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ki cire wa hoton launi a wayarki ya koma fari da baƙi. Idan fuskar kaka ta fito da idanunta da bakinta a hakan, to tazarar ta isa.

MaiZane_Fagge:
Gyaran Zayyana ya zauna, ki ɗauka. Matsala ta biyu kuwa tana nuna abin da mutane da yawa ba sa lura da shi, wato sunayen abubuwa suna zuwa da nasu launukan, kuma sukan fi ƙarfin jerin da aka lissafa. Da yawa daga cikin hotunan ramukan rini a intanet na majemun birnin Fas ne a Maroko, inda kwanuka suke jere da launi iri-iri, don haka da kika rubuta `dye pits` can ta nufa. Namu na Ƙofar Mata zagayayyun ramuka ne masu zurfi, bakinsu kusa da ƙasa, ruwan ciki kuma na baba ne mai duhu. To ki siffanta abin da idonki ya sani maimakon ki kira sunansa kawai:

```
round pits sunk into the ground, filled with dark indigo liquid; a dyer crouches at the rim lifting wet indigo cloth
```

Haka za ki yi da kasuwa, domin kalmar kasuwa tana jawo tumatir da ganye da laimomi kala-kala. Ki faɗi abin da ke kan teburin da launinsa daga cikin shidan nan.

DanKurmi:
A nan nake da magana. Duk wanda ya tsaya a bakin marina ya san yadi idan aka ɗago shi daga rami yakan fito da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi sannan ya juye shuɗi a gaban idonka. Wannan shi ne abin da yara za su fi mamaki a labarin. Idan an hana kore gaba ɗaya saboda tsarin launi, to an yi wa gaskiyar sana'ar ƙwauro.

Zayyana_Dala:
Malam DanKurmi, wannan hujja ce ta riƙe tsarin ma. Idan shafuka 11 ba su da kore ko ɗigo, sai a shafi ɗaya yadin ya fito daga rami da kore, idon yaro zai faɗa kansa kafin malama ta karanta jimlar. Idan kuwa kore yana ko'ina, a bishiya da bokiti da hular marini, wannan shafin ba zai bambanta da sauran ba. Sai a ƙara launi na bakwai a kashin labarin wannan shafin kaɗai, a ɗaure shi da yadin, kashin salo kuma ya zauna yadda yake.

Abba_Tarauni:
Ni dai har yanzu ina ganin `seed` zai rage mata wahala. Sannan tana iya rubuta `no green, no gradients` a ƙarshe.

Sadiya_Kabuga:
Abba, rabin maganarka daidai ne. Lambar `seed` tana tsayar da hazon da manhajar take fara gina hoto daga cikinsa, saboda haka tana da amfani sosai idan ana so a sauya kalma ɗaya a ga abin da ita kaɗai ta canza. Da ita ce Malama za ta iya gwada maka da buroshi a kan shafi guda ta kwatanta. Amma da zarar an sauya labarin shafin daga marina zuwa tsakar gida, lambar ba ta ɗauke da salo da za ta kai wa sabon hoton. Abin da yake yin wannan aikin shi ne hoton misali: a zaɓi shafin da ya fi kyau a ba manhajar shi tare da kowane sabon umarni, kamar yadda `--sref` yake yi a manhajar Midjourney.

Batun hani kuma ya danganta da manhajar. Midjourney yana da `--no`, Stable Diffusion yana da akwatin `negative prompt` na daban, kuma a can ake sa abin da ba a so. Idan aka rubuta hanin a cikin umarnin kansa, wasu manhajojin sukan ga kalmar kore su kawo koren. Ya fi aminci a faɗi abin da ake so, shi ya sa `flat fills` ya fi `no gradients`. Wani abu kuma, tsofaffin nau'o'in Stable Diffusion irin 1.5 suna karanta gutsattsarin kalma 77 ne a zubi ɗaya, don haka duk mai amfani da su ya sa salo a gaba, kada a yanke shi.

Baba_MaiInji:
'Ya'yana, duk kuna magana ne a kan fuskar waya, littafin kuma takarda zai hau. Malama, ga lissafin da za ki yi. Idan hotonki yana da faɗin fiksel 1024, kuma a shafin A5 zai ci santimita 12, to kowace milimita ɗaya ta ɗauki fiksel takwas da rabi ke nan. Ki buɗe hoton, ki ƙara girmansa har ki ga ƙananan murabba'ai, ki ƙirga nawa ne suka tsallaka layin da ya kewaye kan yarinyar. Idan shida ne, layin zai fito kusan milimita 0.7 a takarda, na ciki masu uku kuma kusan 0.35, kuma wannan ya yi wa littafin yara daidai. Idan kika ga layi mai fiksel ɗaya, ki san cewa bai kai milimita 0.2 ba, kuma zai iya yayyankewa a bugu. Ki yi wannan ƙirgar a wuri ɗaya a duk hotunan 12. Duk wanda ya ba ki uku alhali sauran suna ba ki shida, ki sake yin sa. Sannan faɗin 1024 bai kai ɗigo 300 a kowane inci da muke so ba, ana bukatar kusan 1420, don haka sai an ƙara masa girma kafin a kawo mana.

Shuɗin baban nan kuma ki yi hattara da shi. Abin da waya take nunawa da RGB, inji da tawada huɗu na CMYK yake buga shi, kuma shuɗi mai duhu yakan karkata zuwa shunayya idan tawadar M, wato mai ja-ja, ta matso kusa da ta C, wato shuɗiya mai haske, a yawa. Farar takardar littafi mara sheƙi tana shan tawada, komai yakan ƙara duhu, har fatar da Zayyana ta haskaka. Ki nemi a buga miki gwajin shafi ɗaya a kan ainihin takardar kafin a saki injin. Layi kuma ni shawarata ya zama baƙi zalla.

MaiZane_Fagge:
Baba, Allah ya ƙara girma, lissafin nan shi ne awon da na ce wa Abba bayan fitowar hoto ake yi. Amma a kan baƙin layi ina da ja. Baƙi zalla a kan jan ƙasa da ruwan madara yana sa hoto ya yi tsauri, labarin nan kuwa na jika da kaka ne da sanyin safiya. Yanayin hoto ba daga kalmar `calm` ko `peaceful` yake zuwa ba, domin waɗannan ma ba a auna su. Yana zuwa ne daga abubuwan da ake gani: launin layi, inda haske ya fito, yawan filin da aka bari babu komai, da yadda mutane suka tsaya. Safiyar hunturu a Kano, lokacin da hazo ya rufe Dala har sama ta koma ruwan madara, inuwa kuma ta yi laushi, ita na siffanta da `plain cream sky` da `soft early-morning light`. Da rana tsaka nake so, da na nemi farar sama da gajerun inuwoyi masu kaifi a ƙarƙashin ƙafa, kuma a nan baƙin layi zai dace.

Baba_MaiInji:
Ɗana, ban musa maka kyau ba. Amma ruwan ƙasa a inji haɗin tawada uku ne ko huɗu, kowace da farantinta, kuma idan faranti ɗaya ya goce da ƙanƙanin abu, siririn layi sai ya fito da ja a gefe ɗaya da ruwan ɗorawa a ɗaya gefen. Baƙi kuwa faranti ɗaya ne, babu abin da zai goce masa, muddin wanda ya shirya fayil ɗin ya mayar da layin kan tawadar K, wato baƙa, ita kaɗai. Idan kwafi kaɗan ne da injin dijital, ku yi ruwan ƙasarku. Idan dubu ne a babban inji, ni dai na faɗi abin da na sani.

Ummu_Sadiq:
Baba, ashe shi ya sa jan da ke takardar yajina yake fitowa kamar ruwan goro idan an buga. Zan nemi gwajin nan kafin bugu na gaba.

Sadiya_Kabuga:
A kan yanayi, ban yarda a cire kalmomin ji gaba ɗaya ba, Malam MaiZane. A gwajin da nake yi, `gentle` ko `quiet` guda ɗaya tana sauya fuskokin mutane da yadda suke riƙe hannuwansu, abin da haske kaɗai ba ya yi. Illar tana zuwa ne idan aka tara su biyar ko shida, ko aka haɗa masu karo da juna, irin a ce hoto ya zama mai natsuwa kuma mai armashi da kuzari.

Zayyana_Dala:
Ina tare da Sadiya, da sharaɗin kalmar ta zauna a kashin labari, domin ba duk shafukan ne masu natsuwa ba. Shafin da yarinyar ta ga yadi ya juye shuɗi murna ce, kuma za a iya nuna ta da ɗaga hannu da buɗe baki ba tare da an taɓa layi ko launi ba.

MalamarGwale:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na sa gyaran Zayyana, na siffanta ramukan yadda Malam MaiZane ya nuna, kuma na ƙirga layin kan yarinyar kamar yadda Baba ya koyar: yawancin hotunan suna tsakanin biyar da bakwai, biyu ne suka sauko uku, kuma duk biyun shafukan da aka hango mutane daga nesa ne. Da alama manhajar tana sirantar da layi duk lokacin da mutum ya ƙanƙance a cikin hoto. Kwafi 200 zan fara bugawa, don haka ban yanke hukunci a kan baƙi ko ruwan ƙasa ba sai na ga gwajin. Tambayata yanzu ita ce, shafukan nesan nan in tilasta musu kauri ɗaya da sauran, ko in bar su?

MaiZane_Fagge:
Malama, mai zane da hannu ma yakan sirantar da layin abin da ke nesa, domin hakan yana nuna tazara, kuma layi mai fiksel shida a kan mutum ƙarami zai cinye masa fuska. Ni zan bar mutanen nesa a uku, amma in tabbatar akwai wani abu a gaban hoton, ko tulu ko bakin rami, da yake ɗauke da cikakken kaurin, domin shafin ya haɗu da 'yan uwansa. Ki ƙara `large clay pot in the foreground` a kashin labarin, ki sake ƙirgawa.

Baba_MaiInji:
Uku zai hau takarda lafiya. Amma ki duba layukan ciki na waɗannan mutanen nesan, domin idan na waje uku ne, rabinsa ya koma ɗaya da rabi, kuma su ne za su fara ɓacewa. Ki sa ɗaya daga cikin shafukan nan biyu ya zama shi ne na gwaji.